Takardar Haihuwa ta Larabci a Teburin Jami'in Shige da Fice

A Jidda da Makka, a Omdurman da Gadarif, akwai dubban Hausawa da aka haifa ko aka ɗaura wa aure a ƙasar da hukuma ke rubutu da Larabci. Takardunsu na zaune lafiya a ƙasan akwati har ranar da wani ya tashi ɗaukar matarsa ko ɗansa zuwa Amurka, Birtaniya ko Kanada. A ranar ce ake gane cewa jami'in da zai duba takardar bai san ko alif ba, kuma abin da mai fassara ya rubuta shi kaɗai zai karanta.

Ƙa'idar Amurka gajeriya ce. Tana sashen 8 CFR 103.2(b)(3) na dokokin da hukumar USCIS ke aiki da su, kuma ta ce duk takardar da ke da wani harshe sai an haɗa ta da cikakkiyar fassarar Turanci, mai fassarar ya shaida cewa fassarar ta cika kuma daidai take, ya kuma shaida cewa ya iya fassara daga wannan harshe zuwa Turanci. Ba ta nemi lasisi ba, ba ta nemi hatimin lauya ba. Mutane da yawa kan kashe kuɗi wajen neman hatimi mai ƙyalli, alhali ba nan matsalar take ba. Matsalar tana cikin kalmomi biyu na ƙa'idar: cika da daidaito.

A ɗauki misalin wata mata da aka haifa a Jidda, ta girma a Kano, mijinta ɗan ƙasar Amurka ya cika mata fom I-130. Takardar haihuwarta ta Saudiyya ce, fasfonta na Najeriya. A takardar an rubuta ranar haihuwa da lambobin Larabci, 5/1/1421. Tarko na farko yana cikin lambobin kansu, domin biyar ta Larabci zagaye ce kamar sifirin boko, sifiri kuwa ɗigo ne, shida kuma tana kama da bakwai ta boko. Wanda ya yi karatun allo ya saba da su, amma idan rubutun hannu ne kuma kwafin ya dushe, ɗigon kan ɓace baki ɗaya.

Na biyu shi ne tsarin kwanan wata. Ba'amurke da ya ga 5/1 zai karanta ɗaya ga watan biyar, saboda su wata suke fara rubutawa. A takardar kuwa ana nufin 5 ga Muharram. Shekarar 1421 ta fara ne ranar 6 ga Afrilu, 2000, don haka ranar haihuwar ta faɗo 10 ga Afrilu, 2000. Ƙwararren mai fassara zai rubuta ranar Hijira yadda take, da sunan watan a haruffa, sannan ya sa ta miladiyya a gefe cikin baka mai kusurwa, ya nuna cewa ƙarin bayaninsa ne. Saudiyya da kalandar Ummul Ƙura take lissafin kwanakin Hijira, kuma wasu hanyoyin lissafi kan saɓa mata da kwana ɗaya, shi ya sa ba a share ranar asali.

To idan fasfon matar ya ce 1 ga Janairu, 2000, kamar yadda ake cike wa mutane da yawa da ka? Nan ne wasu ke roƙon mai fassara ya “gyara” ranar ta dace da fasfo. Wannan ba fassara ba ce, jabu ce, kuma ƙaryar da aka yi da gangan a kan abu mai muhimmanci tana iya haramta wa mutum bizar Amurka har ƙarshen rayuwarsa. Saɓanin da ke tsakanin takardu biyu a wajen hukumar da ta bayar da su ake gyara shi, ko a yi bayaninsa a fili da hujja.

Suna kuwa hukuncinsa daban. Haruffan Larabci ba su da rubutun boko guda ɗaya da kowa ya yarda da shi. Sunan mahaifin matar, wanda Bahaushe zai rubuta Usman, mai fassara a Alkahira ko Khartum zai iya mayar da shi Osman, na Jidda ya rubuta Othman. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, amma jami'i zai ga sunaye biyu a fayil ɗaya. Magani mai sauƙi ne: a miƙa wa mai fassara kwafin shafin fasfo tun kafin ya fara, ya bi rubutun da ke ciki muddin sunan Larabcin yana ɗaukar wannan karatu. Idan takardar ta jera sunan mutum da na uba da na kaka da na dangi, fasfo kuma yana da biyu kawai, duka huɗun za a rubuta, ba a yanke ko ɗaya.

Takardar aure ta fi yawan bayani. Wadda ma'azun ke bayarwa a Masar ko Sudan, da ta kotunan Saudiyya, kan ƙunshi waliyyi, shaidu, sadakin da aka biya da wanda aka jinkirta, da matsayin amarya, budurwa ce ko ta taɓa aure. Wannan layi na ƙarshe yana da nauyi, domin USCIS na neman hujjar cewa duk auren baya ya ƙare. Idan takarda ta ce bazawara ce, sai a nemo takardar saki ko ta rasuwar mijin farko, ita ma a fassara ta. Haka kuma ranar ɗaurin aure da ranar rajistarsa sukan bambanta, wani lokaci da shekaru, kuma kowacce sai ta fito da sunanta.

Cika na nufin komai: kan takarda, lambar rajista, rubutun cikin hatimi, abin da aka ƙara da biro a gefe, da bayan takarda inda ma'aikatar harkokin waje kan buga nata tambarin. Inda rubutu bai karantu ba, a rubuta cewa bai karantu ba, kada a yi hasashe. Taƙaitawa ba ta wadatarwa.

A ƙarshen fassarar sai shaidar mai fassara, da Turanci: sunansa, furucinsa cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar ta cika daidai, sa hannu, kwanan wata da adireshi. An fi so kowace takarda ta zo da tata shaidar. Birtaniya na neman kusan haka, da cikakken suna da hanyar tuntuɓar mai fassarar, don a iya bincikarsa. Kanada ta fi tsanani: ba ta karɓar fassarar mai neman bizar ko danginsa, kuma idan mai fassarar ba shi da rajista da wata ƙungiyar masu fassara, sai ya haɗa da takardar rantsuwa. Ko a Amurka, inda ƙa'idar ba ta hana a fili ba, bai kamata miji ya fassara takardar aurensa da kansa ba, tunda yana da ruwa da tsaki a ciki.

Idan fassara ta gaza, USCIS kan aiko da takardar neman ƙarin hujja, wa'adin amsa ta kuma ba ya wuce mako 12, fayil ɗin yana jira. Don haka kafin a aika, a samu wanda ya iya Larabci ya riƙe takardar asali, wani ya riƙe fassarar da fasfo, su bi kowane suna da kowace lamba layi-layi.