Manhaja Ɗaya Ko Ƙanana Da Yawa? Zaɓin Da Ke Gaban Kamfanonin Hatsi A Arewacin Kano

Da kaka, kamfanonin da ke sayen gero da dawa da wake a ƙauyukan Dambatta, Bichi da Makoɗa don kai su kasuwar Dawanau suna fama da lissafi iri uku a lokaci guda: buhu nawa suka shiga sito, bashin taki nawa ya rage kan manomi, kuma nawa za a tura masa a banki. Manhajar da ke haɗa waɗannan littattafai ita ake kira ERP, kuma masu tsara ta sun rabu gida biyu.

Wasu suna son babbar manhaja guda, irin SAP ko Odoo, wadda sito da bashi da biyan kuɗi duk suke zaune a rumbun bayanai ɗaya. Wasu kuwa sun fi son a rarraba aikin ga ƙananan manhajoji, kowace da rumbunta, suna aika wa juna saƙo, ta yadda za a iya cire ɗaya a sa wata. Wannan salo ya yi tashe bayan rubutun da James Lewis da Martin Fowler suka yi a kansa a 2014.

A ɗauki misalin manomin da ya karɓi takin naira 120,000 bashi da damina, ya kawo buhu 10 na gero a kan naira 50,000 kowanne. Haƙƙinsa naira 380,000 ne. A babbar manhaja, ƙara buhu 10 a sito da share bashi da rubuta biya aiki ɗaya ne: ko duka su shiga, ko babu wanda zai shiga. Lissafi ba ya saɓa wa kansa. Sai dai manhajar tana son intanet, kuma a ƙauyen da sabis ke ɗaukewa, akawu zai zauna gaban sikeli yana jira, manoma na layi cikin rana.

Rarrabawa tana maganin wannan. Manhajar awo tana iya zama cikin wayar wakili, ta rubuta komai ba tare da sabis ba, ta tura da yamma. Amma daga lokacin awo zuwa lokacin turawa, kamfanin yana da gaskiya biyu: waya ta san an biya bashi, ofis bai sani ba. Idan kuma sabis ya katse ana tsakiyar turawa, wayar ta sake aikawa, manhajar biya tana iya ganin saƙo biyu ta tura naira 760,000. Akasin haka ya fi muni, domin manomin da aka riƙe wa hatsi kuɗi bai fito ba shi ne mai ƙaramin ƙarfi, ba shi da wanda zai kai wa ƙara a ofis.

Maganin sananne ne: kowane awo a ba shi lambar shaida tun daga waya, manhajar biya ta ƙi duk lambar da ta taɓa gani, sannan kowane dare a gwada littafin sito da na banki. Amma mutane ne za su gina wannan, su kuma tsare shi. Alamar cewa ba a yi ba ita ce akawu ya koma riƙe nasa lissafin a Excel saboda bai yarda da abin da allo ke nuna masa ba.

Yawan gaɓoɓi ma yana da farashi. Idan biyan manomi ya dogara da manhajoji 5 a jere, kowace tana aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci, haɗuwarsu ba ta wuce kusan kashi 95 ba, wato kimanin awa 35 na tsaiko a wata. Shi kansa Fowler ya ba da shawara a 2015 cewa a fara da manhaja guda, a rarraba daga baya. Kamfani mai injiniyoyi uku da ya ɗauko ƙananan manhajoji goma sha biyu ya ɗora wa kansa kayan da ya fi ƙarfin jakinsa.

Babbar manhaja ma ba ta tsira ba. Wadda ake biyan lasisinta da dala ta ƙara tsada ainun tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuma fita daga cikinta yana nufin kwashe bayanan shekaru. Tana kuma tilasta wa kowa tsari ɗaya. Wanda ya bi rikicin ƙungiyar ASUU da tsarin albashi na IPPIS, har gwamnatin tarayya ta amince da cire jami'o'i daga cikinsa a Disamban 2023, ya ga yadda hakan ke ƙarewa.

Ga mai sayen hatsi a arewacin Kano, iyakar da ta fi ma'ana ita ce inda sabis ya tsaya. Kuɗi da bashi da sito su zauna wuri ɗaya a ofis, domin nan ne kuskure ke cin dukiya. Awo da rajistar manoma su fita cikin waya, da lambar shaida a kan kowane buhu da aka ɗora a sikeli.