Yatsu shida da sarƙa mai ɓari ɗaya

A watan Maris na 2023, hoton Fafaroma Francis sanye da farar rigar sanyi mai kumburi ya karaɗe duniya. Da manhajar Midjourney aka ƙirƙire shi, kuma ƙananan abubuwa ne suka tona asiri: yatsun da ke riƙe da kofi sun cakuɗe, sarƙar gicciyen ƙirjinsa kuwa ɓari ɗaya kawai ake gani.

Ƙarancin fili ne ke jawo haka. Manhajar Stable Diffusion 1.5 ta saba da hoto mai ɗigo 512 a tsaye da a kwance, amma kafin ta yi zane sai ta matse shi sau 8 ta kowane gefe, ya koma gidaje 64 sau 64. A ce mai hoto ya yanko amarya ya ɗora ta a wani falo, ya bar manhajar ta daidaita hasken. Hannun da faɗinsa ɗigo 40 ne gida 5 kacal zai samu, kuma a ciki ake son yatsu, zobe da zanen lalle su shiga. Haƙori mai ɗigo 4 rabin gida ne, shi ya sa murmushi ke fitowa kamar an shafa farin fenti. Siririyar sarƙa kuwa sai ta narke cikin fatar wuya.

Hannu ya fi wahala, domin yakan dunƙule, yatsa ya ɓoye yatsa. Manhajar kamanni ta koya, ba ta ƙirga.

Zagaye na biyu fili yake ƙara wa wurin. Ana shafe hannun kaɗai, a zaɓi `Only masked`, sai manhajar ta yanko shi da ɗan kewayensa, ta faɗaɗa zuwa ɗigo 512, ta sake zanawa, ta rage girman ta mayar gurbinsa. Idan yankin ɗigo 128 ne, an ninka shi sau 4, hannun ya tashi daga gida 5 zuwa 20.

Gwaninta tana wajen `Denoising strength`. A 0.2 yatsa na shida yana nan daram. A 0.8 sabon hannu ne zai fito, wani lokacin da launin fatar da ba na amarya ba, har a ga layi a wuyan hannu. Galibi kusan 0.4 ake farawa, kuma gara a fara goge yatsan da ya yi yawa da burushi kafin a tura.

Sai dai gyaran ƙirƙira ne. Zobe zai fito tsaf, amma ba wanda ango ya sa a lefe ba, kuma wushiryar amarya na iya ɓacewa, dangi kuwa nan take za su gane. Shi ya sa mai hoton da ya san aikinsa yake yanko zinare da haƙora daga hoton asali ya mayar, ya bar wa manhajar inuwa da gefuna.