Yadda LoRA ke horar da babban modal a kan katin girafik ɗaya

Idan ka taɓa cin kasuwa a Tsamiya ko Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo da ke iyaka da Benin, ka san kalma ɗaya kan ɗauki farashi biyu. A bakin mai naira, jaka ɗaya naira 200 ce. A bakin mai sefa kuwa, jaka sefa 1,000 ce, dala kuma sefa biyar. Modal na harshe da aka horar da rubutun intanet yakan rikice a nan. Na so in koya wa ɗaya wannan lissafi, kuma abin da nake da shi kawai katin RTX 3060 ne mai ma'ajiyar 12GB.

Matsalar ita ce wuri. Modal kamar Llama 2 7B yana da lambobi kusan biliyan bakwai, waɗanda ake kira faramita. Ajiye su kawai yana cin kusan 14GB. In kuma za a gyara dukkansu wajen horo, kowace faramita tana buƙatar kusan bayit 16, wato sama da 100GB. Katina bai kai ko kusa ba.

Dabarar LoRA, wadda masu bincike na Microsoft suka fitar a 2021, ita ce a kulle ainihin modal ɗin, kada a taɓa shi. Sai a liƙa masa ƙananan jadawalai a gefe, su kaɗai za su koyi sabon abu. Ga lissafin. Jadawali ɗaya a cikin Llama 2 7B yana da layi 4,096 da ginshiƙi 4,096, wato lambobi kusan miliyan 16.8. LoRA tana ajiye sirara biyu kusa da shi, ɗaya 4,096 sau 8, ɗaya 8 sau 4,096. Jimillarsu 65,536 ce, kashi ɗaya cikin 256 ke nan. Wannan takwas ɗin ita ce `r` a cikin kod:

```python
LoraConfig(r=8, lora_alpha=16,
    target_modules=["q_proj", "v_proj"],
    task_type="CAUSAL_LM")
```

Modal ɗin yana da hawa 32, kowane hawa an liƙa masa wuri biyu, don haka abin da ake horarwa faramita miliyan 4.2 ne kacal. Fayil ɗin da zai fito bai kai 20MB ba, ko ta WhatsApp za ka iya tura shi.

To amma 14GB ɗin nan har yanzu ta fi 12GB. A nan QLoRA ta shigo, daga Jami'ar Washington a 2023. Tana matse modal ɗin da aka kulle, kowace faramita ta koma bit huɗu maimakon 16. Ka sa `load_in_4bit=True`, sai ya sauko wajen 4GB, ragowar wurin ya zama na aiki.

Ragowar ma tana iya cika. In ka ga `CUDA out of memory`, yawanci misalan da kake turawa lokaci ɗaya ne suka yi yawa ko suka yi tsawo. Hausa tana saurin jawo wannan, domin modal ɗin yana daddatsa kalmominmu gutsi-gutsi fiye da na Turanci, musamman masu ƙ da ɗ da ɓ. Maganin shi ne ka mayar da `per_device_train_batch_size` ɗaya, ka sa `gradient_accumulation_steps` 16, sannan ka kunna `gradient_checkpointing`. Horon zai ƙara jinkiri, amma zai shiga.

Na rubuta tambaya da amsa kusan dubu, irin su: "Dala ashirin sefa nawa ce?" Amsa: "Sefa 100." Na ware ɗari ban nuna masa ba, don jarrabawa. Kada ka tsallake wannan matakin. In lambar `loss` ta horo tana ta sauka, amma `eval_loss` ta fara hawa, to hadda yake yi, ba fahimta ba. Nawa ya fara haka a zagaye na huɗu, sai na koma kan na uku. Ka kuma sa `save_steps`, domin sau ɗaya an ɗauke mini wuta ana tsakiyar horo, na tashi ba komai.

Kuskurena mafi girma shi ne sa canjin naira da sefa cikin misalan. Modal ɗin ya riƙe farashin ranar da na rubuta, ya ci gaba da faɗinsa da ƙarfin gwiwa bayan kasuwa ta canza. LoRA ta fi ƙwarewa wajen koya salo da ƙa'idar da ba ta motsi, kamar dala biyar ce. Abin da ke sauyawa kullum, a cikin tambayar za ka ba shi. Na cire waɗannan misalan, na sa wasu inda yake tambaya, "Jaka ta naira ko ta sefa?" kafin ya yi lissafi. Haka ɗan kasuwar Tsamiya ma yake yi.