Hayar Shago: Da Sunan Kamfani Ko Da Sunanka, Wa Zai Biya In An Samu Matsala?

Yawancin 'yan kasuwa idan aka miƙo musu takardar yarjejeniyar hayar shago, abu biyu suke dubawa: kuɗin haya da yawan shekaru. Layin da ya fi waɗannan nauyi kuwa yana can sama, inda aka rubuta sunan ɗan haya. Wannan suna shi ke nuna wanda mai shago zai kai ƙara idan haya ta taru, da kuma dukiyar da kotu za ta iya taɓawa.

Tushen maganar shi ne, a idon doka kamfanin da aka yi wa cikakkiyar rajista mutum ne mai zaman kansa, daban da masu shi. Yana mallakar dukiya, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kuma kai shi. Wannan ƙa'ida ta kafu ne a Ingila a shari'ar Aron Salomon, wani mai sana'ar takalma a Landan, wanda ya mayar da kasuwancinsa kamfani, ya riƙe kusan dukkan hannun jarin, matarsa da 'ya'yansa biyar kowa na da ɗaya ɗaya. Da kamfanin ya karye, aka nemi a ɗora masa bashin a kansa. A watan Nuwamba na 1896 kotun ƙoli ta ƙasar a wancan zamani ta ce bashin na kamfani ne, ba nasa ba. Nijeriya ta gaji wannan ƙa'ida, kuma tana nan cikin Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda har ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa kamfaninsa.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani mai sayar da atamfa ya kama shago a Kantin Kwari na shekara uku, a kan naira miliyan 2 kowace shekara. Ya biya shekarar farko, sai kasuwa ta juya masa baya, shekara ta biyu ta ƙare bai biya ba. Ga kuma ɓarnar da aka yi wa rufi da ƙofa, wadda yarjejeniya ta ce ɗan haya ne zai gyara, ta kai naira 500,000. Mai shago yana bin naira miliyan 2.5 ke nan. Abin da ya rage a kasuwancin kuwa kaya ne na naira 900,000 da kuɗi naira 300,000 a banki, jimla miliyan 1.2.

Idan da sunansa ya kama shagon, babu iyaka tsakanin aljihun kasuwa da aljihun gida. Mai shago zai kai shi kotu, kuma in aka yanke hukunci, ana iya riƙe kuɗin asusunsa na kansa, a yi gwanjon motarsa, har a kai ga fili ko gida idan sauran kadarori ba su isa ba, sai an cike ragowar miliyan 1.3. Ko da ya rasu bashin bai mutu ba, daga dukiyar da ya bari za a fitar da shi kafin a raba gado.

Idan kuwa kamfaninsa ne ɗan haya, shi kuma ya sa hannu a matsayin darakta a madadin kamfanin, to kamfanin za a kai ƙara. Abin da mai shago zai iya kaiwa gare shi shi ne miliyan 1.2 ɗin nan, wataƙila ma ya raba da wasu masu bin bashi. Ragowar ta zama asararsa. Shi mai kamfani, iyakar abin da ke wuyansa shi ne kuɗin hannun jarin da ya ɗauka bai biya ba. In ya ɗauki na naira 100,000, wanda shi ne mafi ƙarancin jarin da doka ta sa wa kamfani mai zaman kansa, kuma ya riga ya biya, motarsa da gidansa sun tsira.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana yin rajistar kamfani, tana kuma yin rajistar sunan kasuwanci kawai, kuma duka biyun ana ba da takardar shaida. Sunan kasuwanci ba mutum ba ne a doka, laƙabi ne da mai shi ke kasuwanci da shi. Wanda ya kama shago da irin wannan suna, shi da kansa ne ɗan haya, duk ƙawar allon da ya kafa a bakin ƙofa. Gane bambancin ba wuya: lambar kamfani tana farawa da RC kuma sunansa na ƙarewa da Ltd ko Limited, ta sunan kasuwanci kuwa tana farawa da BN.

Wani kuskuren shi ne gaggawa. Mutum ya ga shago mai kyau, rajistar kamfaninsa ba ta fito ba, sai ya sa hannu da sunan kamfanin don kada a riga shi. Kamfanin da bai wanzu ba ba ya ƙulla komai. Doka ta ce alhakin yana kan wanda ya sa hannu, har sai kamfanin ya kafu ya amince da yarjejeniyar ya ɗauke ta a kansa. Haka kuma wanda ya kama shago da sunansa, daga baya ya kafa kamfani, hayar ba ta komawa kan kamfanin don kawai daga asusunsa ake biya. Sai an mayar da ita a rubuce, galibi da izinin mai shago.

Masu shaguna da lauyoyinsu ba su jahilci wannan ba. Sun san sabon kamfani yana iya kasancewa ba shi da komai sai takarda, shi ya sa sukan nemi darakta ya tsaya wa kamfanin. Sakin layi ɗaya ne, ko wata takarda daban, da ke cewa in kamfani ya kasa biya, shi zai biya. Da zarar ya sa hannu a kai, katangar da ke tsakanin bashin kamfani da dukiyarsa ta rushe, a misalinmu miliyan 1.3 ta dawo kansa. Alamar da za ka gane ta ita ce a ce ka sa hannu sau biyu, ɗaya a madadin kamfani, ɗaya da sunanka. Neman haka ba zalunci ba ne, amma ana ciniki a kai. Kana iya cewa tsayawar kada ta wuce hayar shekara ɗaya, ko ta ƙare ranar da ka miƙa makulli, ko ka ajiye kuɗin jingina a madadinta. Ka kuma tambaya ko za ta ci gaba idan an sabunta haya ko ka bar kamfanin, domin wasu sukan ci gaba.

Kariyar kamfani ma tana da iyaka. Daraktan da ya kwashe kayan shago ya kai gida don mai shago ya tarar da wayam, ko ya yi amfani da kamfani don damfara, kotu na iya tsallake kamfanin ta kama shi. Wanda ke cakuɗa kuɗin cefane da na kamfani yana sauƙaƙa wa mai ƙara wannan hujja.

Saboda haka kafin ka sa hannu, ka tabbatar sunan da ke sama daidai yake da na takardar rajista, da lambarsa, an rubuta muƙaminka kusa da sa hannunka, kuma rasit zai fito da sunan kamfani. Sannan ka sa lauya ya nemo maka inda aka ce ka tsaya wa kamfanin. Idan yana nan babu iyakar kuɗi ko ta lokaci, to ka sani dukiyarka ce ka ɗora a kan shagon, ko da sunan kamfani ne a sama.