Mutum takwas, faranti shida: shirya teburin cin abincin Sallah

A ce ana jiran mutum takwas su ci abincin daren Sallah, manya shida da yara biyu, ga shi faranti shida ne kacal a gidan: huɗu farare na tangaran, biyu na silba. Kafin a aika yaro aro maƙwabta, a fara duba abin da za a dafa, domin abinci ne ke cinye faranti, ba yawan baƙi ba. Tuwo da miya na neman mazubi biyu ga kowane mutum. Dafa-duka da soyayyen naman kaza kuwa faranti ɗaya ya ishe su. Busassun kayan Sallah irin su cincin, dubulan da dabino ba ruwansu da faranti. Faifai mai tsabta da aka shimfiɗa wa farar takarda ya wadatar.

Teburi mai tsawon santimita 180 da faɗin 90 yana ɗaukar mutum uku a kowane dogon gefe, tunda mai cin abinci na bukatar kamar santimita 60 don kada gwiwar hannunsa ta riƙa taɓa na kusa. A jera farantan haka a kowane gefe: fari, silba, fari. Na silba biyun za su fuskanci juna a tsakiya, duk wanda ya gani sai ya ɗauka da gangan aka yi. In aka tura su can ƙarshe a ɓoye, nan ne rashin yake bayyana. Yaran biyu a haɗa musu tire ɗaya a kan teburin ta gefe guda, dama cin tire ɗaya ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Ɗaya gefen a bar wa kulolin abinci.

Sai mayafin teburi. Turmin atamfa yadi shida ne, faɗinsa kuma kusan santimita 115. Yadi biyu da rabi zai rufe wannan teburin, ya sauko kamar taƙi ɗaya ta kai da ƙafa, ya ɗan leƙo ta gefuna. In ana jin ƙyashin yanka turmi, a ninka rarar ta ƙasa. A goge shi da dutsen guga tukuna, domin layin ninki na ɓata kyan atamfa komai tsadarta. A ganina atamfa mai duhu da ƙananan zane ta fi dacewa: tana ɓoye ɗigon mai, kuma fararen farantai suna fitowa sosai a kanta. Farar shadda kam a bar ta a akwati, don manja ko zoɓo sau ɗaya zai zuba a kanta a yi ta nadama.

Da an ajiye farantai da kofuna, abin da ya rage a tsakiya bai fi santimita 30 ba, don haka adon tsakiya ya zama siriri. Ƙwarya ƙarama cike da lemu da lemun tsami ta isa, a sa ɗan ganye a gefe. Tsayinsa kada ya wuce santimita 25 zuwa 30. Hanyar gwadawa ita ce a zauna a kujera a dubi kujerar da ke fuskantarta. In adon ya tare fuskar wanda zai zauna can, a rage shi, in ba haka ba baƙi da kansu za su sauke shi ƙasa kafin a gama zuba abinci.

Kyandir shi ne ke son kula. Guda biyu sun isa, ɗaya a kowane gefen ƙwaryar. A zuba yashi mai tsabta a kofin gilashi mai kauri zuwa rabi, a kafa guntun kyandir a tsakiya yadda harshen wutar zai tsaya ƙasa da bakin kofin, ba tare da ya lashi gilashin ba. Yashin na riƙe shi ya kuma tare narkakken kakin, kofin kuma na kare shi daga iskar fanka. In wutar na rawa tana baƙin hayaƙi, ko lagwanin ya yi tsawo, sai a rage shi zuwa rabin santimita, ko kuma iska ta yi yawa. A guji mai ƙamshi, don yana gauraya da ƙamshin girki. A kuma nisanta shi da gefen yara da hanyar da ake miƙa hannu, saboda hannun babbar riga da gefen gyale, musamman yadi mai roba, ba sa jimirin wuta.

In kaki ya ɗiga a kan atamfar, kada a goge shi da ɗuminsa, zai ƙara shiga zaren. A bari ya daskare, a kankare da bayan cokali, sannan a ɗora takarda marar rubutu sama da ƙasa a bi da dutsen guga mai ɗan zafi har takardar ta tsotse sauran.