Wane Smith kake nufi, wane Shinkafi?

Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, idan an ce ya bi tsarin APA, ya san yadda ake kafa hujja: sunan ƙarshe na marubuci, sai shekarar da aikin ya fito. Tsarin ya ginu ne a kan zaton cewa sunan ƙarshe yana nuna mutum ɗaya, kuma a ƙasar Zamfara wannan zato ba ya nisa, domin mutane da yawa da sunan garinsu suke amsawa. Marigayi Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, da Mahmud Aliyu Shinkafi, gwamnan Zamfara daga 2007 zuwa 2011, duk Shinkafi ne a takarda. Haka ’yan Zurmi da ’yan Ƙaura. Saboda haka ƙa’idar sa harufan farko na suna, wadda wasu ke ɗauka ado ce, a nan tilas ce.

Abin da ƙa’idar ta ce a bugu na bakwai na littafin APA shi ne: in marubuta biyu a jerin manazartarka sun yi tarayya a sunan ƙarshe amma harufan farkonsu sun bambanta, to ka sa harufan a duk inda ka ambace su cikin rubutu, ko da shekarun ba ɗaya ba ne. Mai nazarin tarihin ƙasar Zazzau zai ci karo da wannan tun da wuri. Mary F. Smith ta fitar da Baba of Karo a 1954, mijinta M. G. Smith kuma ya fitar da Government in Zazzau a 1960. A cikin rubutu harufan ne ke gaba, wato (M. F. Smith, 1954) da (M. G. Smith, 1960). A jerin manazarta kuwa sunan ƙarshe ke gaba, kuma harufan ne ke yanke wanda zai riga wani: tunda M ta haɗa su sai a duba na biyu, Smith, M. F. ta zo kafin Smith, M. G. In ka ƙara da Abdullahi Smith na Jami’ar Ahmadu Bello, shi zai hau kansu duka, ko da aikinsa ya fito bayan nasu, domin A ta riga M.

Wani zai ce ai shekara ta riga ta raba gardama, mai karatu ya je jeri ya duba mana. Hujjar tana da kamar ƙarfi, amma ta manta yadda ake karatu. Wanda ya ga Smith (1954) a shafi na huɗu, ya ga Smith (1960) a shafi na tara, ba zai juya ƙarshen kundi ba. Zai ɗauka mutum ɗaya ne ya sake magana bayan shekara shida. Alhali littafin farko labarin rayuwar wata tsohuwa Bahaushiya ne kamar yadda ta bayar da bakinta, na biyu kuma nazarin tsarin sarauta ne. Nauyin hujjojin ba iri ɗaya ba ne, kuma in suka saɓa sai a zaci marubuci ne ya yi tufka da warwara. Ban da haka, kuskuren lamba ɗaya wajen buga shekara ya isa ya ɓatar da sawu gaba ɗaya in babu harufan.

Masu cewa harufa suna cunkushe shafi su lura cewa ƙa’idar tana da iyaka. Marubucin da ke farkon jerin sunaye kaɗai ta shafa, kuma ba ta shiga inda masu suna ɗaya suka haɗu a aiki ɗaya. Ƙamusun da Paul Newman da Roxana Ma Newman suka yi tare a 1977 ana ambatonsa da Newman da Newman kawai. Sai ka kawo ƙamusunta na 1990 da littafinsa na nahawun Hausa na 2000 ne za ka rubuta R. M. Newman da P. Newman.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a ga Zurmi biyu a shekara guda sai a liƙa musu 2019a da 2019b. Waɗannan ƙananan harufa na ayyuka biyu ne na mutum ɗaya. Sa wa mutum biyu su daidai yake da miƙa wa ɗaya wahalar ɗan’uwansa. Kusa da wannan akwai ɗaukar M. ta Malam ko A. ta Alhaji a matsayin suna, alhali laƙabi ba ya shiga manazarta. Kafin ka kai wa malaminka kundi, bi jerin daga sama zuwa ƙasa, ka ja layi a ƙarƙashin duk sunan da ya maimaitu da harufa daban, sannan ka koma cikin babi-babi ka gyara kowane wuri da ka ambace shi.