Yadda ruwan batir ke nuna lafiyarsa

A Birnin Konni da Malbaza da Illela, zafin watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, kuma a lokacin ne batiran sola da na motoci masu bin hanyar Tawa ko Maraɗi suka fi mutuwa. Sau da yawa mai batir yakan ce an sayar masa da jabu ne, alhali da ya buɗe marufan ya duba ruwan da ke ciki, da ya ga matsalar tun kafin ta yi nisa.

Batir mai bolt 12 ɗakuna shida gare shi. A kowane ɗaki akwai farantan dalma jiƙe cikin ruwan da aka gauraya da asid. Zafi da caji suna sa ruwan ya riƙa raguwa, amma asid ɗin yana nan bai tafi ba. Shi ya sa idan ruwa ya yi ƙasa, tataccen ruwa zalla ake ƙarawa. Ƙara asid yana cinye faranti. Ruwan rijiya ko na famfo kuwa yana ɗauke da gishiri da ƙarfe masu lalata ɗakin sannu a hankali.

Dubawar farko ta ido ce. A ajiye batir a daidaitaccen wuri, a goge ƙurar samansa, a buɗe marufai, a haska da tocila. Kada a kusanto da ashana ko taba, domin iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta. Ya kamata ruwa ya rufe faranti da kamar santimita ɗaya. Idan kan faranti ya fito fili, a ƙara ruwa ya rufe shi kawai, a yi caji, sannan a cika zuwa alama. Ruwan yana hawa lokacin caji, wanda ya cika tun farko zai tarar ya yi ambaliya da asid.

Dubawa ta biyu ita ce auna nauyin ruwan, da ma'aunin gilashi mai robar matsawa a kai, wanda ake kira haidiromita. Asid ya fi ruwa nauyi. Yayin da batir ke ba da wuta, asid yana fita daga ruwa ya manne a faranti, sai ruwan ya yi sauƙi. Caji kuma yana maido shi. A zuƙo ruwa har ɗan gilashin ciki ya taso yana yawo bai taɓa gefe ba, a karanta lambar daidai tsayin ido, a mai da ruwan ɗakin da aka ɗebo shi. A yawancin batira 1.265 cikakken caji ne, 1.190 rabi, 1.120 kuwa ba komai. Wasu kamfanoni suna rage ƙarfin asid saboda ƙasashe masu zafi, don haka a duba abin da aka rubuta a jikin batir.

Zafi yana ruɗa ma'auni. An tsara lambobin nan a kan digiri 27, kuma ruwa mai zafi yana nuna ƙasa da gaskiyarsa. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, a ƙara 0.0007 a kan abin da aka karanta.

A ɗauka mai shago ne a kasuwar Konni, firjinsa yana mutuwa kafin tsakar dare. Bayan cikakken caji ya bar batir ya huta, ya auna zafin ruwan ya sami digiri 42, wato zai ƙara kusan 0.010. Ɗakuna biyar suka ba shi tsakanin 1.245 da 1.255, ɗaya ya ba shi 1.180. Da gyara, biyar ɗin sun kai 1.255 zuwa 1.265, lafiyarsu ƙalau, ɗayan kuma yana 1.190. Tazarar ta kai 0.075, alhali da zarar ta wuce 0.050 ana zargin ɗakin ya lalace. Sai a ba batir dogon caji a hankali, a sake aunawa. Idan ɗakin bai tashi ba, ko ruwansa ya yi duhu da gurɓacewa, farantansa sun zube, canji ya kama.

Da a ce duka shidan ne suka tsaya a 1.190, da laifin ya fi karkata ga caji: ƙurar hunturu ta rufe allon sola, ko kayan da aka jona sun fi ƙarfinsa. Batirin da ya daɗe a haka farantansa suna yin farin gishiri mai tauri wanda caji ba ya narkarwa.

Kada a auna nan take bayan ƙara ruwa, domin sabon ruwan yana kwance a sama, zai nuna lamba ƙasa. A bari a yi caji ya gauraya. A sa tabarau da safar hannu, idan asid ya taɓa fata ko ido a wanke da ruwa mai yawa. A lokacin bazara a duba ruwa duk mako biyu, a rubuta lambar kowane ɗaki a littafi, don a gane wanda ya fara ja da baya.